Ƙwaya uku, lissafi uku: yadda fenobarbital ya ci gaba da taruwa a jikin wani tela a Maradi

Lamarin da za a bi a nan na wani matashi ne mai shekara 27, tela a unguwar Zariya ta birnin Maradi, nauyinsa kilo 60. An tsara lamarin ne domin koyarwa, daga irin abin da ma'aikatan lafiya ke yawan gamuwa da shi wajen masu farfaɗiya. Alƙaluman jinin da ke ciki kuma lissafi ne da aka yi daga sanannun halayen maganin, ba sakamakon ɗakin gwaji ba.

Matashin ya faɗi sau uku cikin wata biyu, faɗuwa mai jijjiga da cizon harshe. Bayan bincike likita ya tabbatar farfaɗiya ce, ya rubuta masa fenobarbital, wanda mutane suka fi sani da gardenal, ƙwaya ɗaya mai miligiram 100 kowane dare kafin barci. Ya sha yadda aka ce, bai tsallake ko dare ɗaya ba. Kwana 4 da farawa ya sake faɗuwa a shago. Yayansa, wanda shi ke riƙe da gidan, ya yanke cewa ƙwaya ɗaya ta yi kaɗan, ya ce a koma biyu. A kwana na 7, bayan ya kwana yana ɗinkin kayan biki bai runtsa ba, ya sake faɗuwa. Daga kwana na 8 sai aka koma uku, ɗaya da safe, biyu da dare. Faɗuwa ta tsaya, gida ya yi hamdala.

Wajen kwana na 12 ya fara gyangyaɗi a kan keken ɗinki. Kwana na 16 yana tafiya yana tangaɗi, maganarsa ta yi nauyi. A kwana na 20 aka kawo shi asibiti a riƙe, ba ya iya tsayuwa da kyau. Da majo ya tambayi yawan ƙwayar da yake sha, sai yayan ya ce: "Majo, ba daga maganin ba ne. Yau kwana goma sha biyu ba mu ƙara masa ko ɓari ba. Da shi ne, ai da tun ranar da muka ƙara za mu gani."

Maganar yayan tana da ma'ana ga duk wanda ya saba da farasetamol, wanda ake sha ya yi aiki cikin awa ɗaya ya fita kafin gari ya waye. Amma a kan fenobarbital kuskure ce, kuma kuskuren ya faru sau biyu ta hanya ɗaya: an yi wa maganin hukunci a kwana na 4 tun bai kai inda za shi ba, sannan aka wanke shi daga zargi a kwana na 20 alhali har lokacin hawa yake yi.

Abin da jiki ke yi da ƙwaya ɗaya

Hanta da ƙoda ba sa fitar da fenobarbital da wani ƙayyadadden awo, a ce miligiram kaza kowace rana. Kaso suke cirewa daga abin da ke jiki. In abin da ke jiki ya yi yawa, abin da ke fita a yini yana da yawa. In ya yi kaɗan, kaɗan ke fita. Saboda haka ake auna saurin fitar magani da wa'adin rabi, wato tsawon lokacin da yawan maganin a jini ke ɗauka kafin ya ragu zuwa rabinsa. A takardun magani ana rubuta shi t½. Na farasetamol awa 2 zuwa 3 ne. Na fenobarbital ga babban mutum yana kai kwana 3 zuwa 5, kuma a wannan lissafi za a ɗauki kwana 4. Da wa'adin kwana 4, jiki na cire kusan kashi 16 cikin 100 na abin da ke cikinsa a kowace rana.

A bi shi dare bayan dare. Daren farko ya sha miligiram 100. Kafin dare na biyu 16 sun fita, saura 84. Ya ƙara 100, sun zama 184. Kafin dare na uku kashi 16 cikin 100 na 184 sun fita, wato kusan 29, saura 155, ya ƙara 100, sun zama 255. Dare na huɗu 314. A lura da abu biyu a nan. Abin da ke jiki yana ƙaruwa kowane dare duk da cewa ƙwayar ba ta canza ba. Abin da ke fita ma yana ƙaruwa: 16 a ranar farko, 29 a ta biyu, 41 a ta uku, 50 a ta huɗu. Kamar randa ce mai ƴar ɓula a gindi wadda ake zuba wa bokiti ɗaya kowace safiya. Tana kusa da wofi ɗigon kaɗan ne, tana cika yoyon na ƙara ƙarfi, har ranar da abin da ke yoyewa a yini ya kai bokiti ɗaya cif. Daga ranar ruwan ya tsaya a layi ɗaya, ko da an shekara ana zubawa.

Ga wannan matashi, layin yana wajen miligiram 630 jim kaɗan bayan shan ƙwaya, domin kashi 16 cikin 100 na 630 shi ne 100, daidai abin da yake sha. Kafin ƙwaya ta gaba ya sauka zuwa 530, ya sha ya koma 630. Wannan shi ne daidaito: shiga da fita sun yi kunnen doki. Matsakaicin abin da ke jikinsa a lokacin kusan miligiram 580 ne, kusan ninki shida na ƙwayar da yake haɗiya.

Don a mayar da wannan zuwa abin da awon jini zai nuna, ana raba shi da faɗin da maganin ke bazuwa a jiki. Ga fenobarbital kusan lita 0.6 ce a kowane kilo, wato lita 36 ga mai kilo 60. In aka raba 580 da 36 za a samu miligiram 16 a kowace lita. Yawancin masu farfaɗiya suna samun kariya tsakanin 10 ko 15 zuwa 40 a lita, kuma sama da 40 alamun yawan magani sukan bayyana. Ke nan ƙwaya ɗaya a dare za ta iya kai shi cikin iyakar da ake nema. Lokaci kawai take bukata.

Dalilin wa'adi biyar

A dare na huɗu yana da 314, rabin 630. Wannan ba dace ba ne. Tazarar da ke tsakanin inda magani yake da inda zai tsaya tana raguwa ne da saurin da maganin ke fita, don haka kowane wa'adin rabi yana cinye rabin tazarar da ta rage. Wa'adin farko ya kai shi kashi 50 cikin 100 na daidaito. Na biyu ya cinye rabin sauran 50, ya kai 75. Na uku 87.5, na huɗu kusan 94, na biyar kusan 97.

```
kason daidaito = 1 − (1/2)^n      n = yawan wa'adin rabi da suka wuce
```

A lissafi zalla ba a taɓa kaiwa 100 ba, kullum da sauran rabin wani abu. Biyar yarjejeniya ce ta aiki: bayan wa'adi biyar abin da ya rage kashi 3 ne, kuma kashi 3 na 16 bai kai rabin miligiram a lita ba, wanda ya fi ƙanƙanta da bambancin da ake samu tsakanin awon safe da na dare. Wasu littattafan suna cewa huɗu zuwa biyar, kuma duk daidai ne, domin ko a huɗu kashi 6 kawai ya rage. Ga fenobarbital mai wa'adin kwana 4, biyar na nufin kwana 20. Shi ya sa ake cewa a ba shi mako uku.

Yanzu a koma ranar da ya faɗi a shago. A kwana na 4 jininsa na ɗauke da kusan 8 a lita, ƙasa da inda kariya ke farawa ga yawancin mutane. Faɗuwar ranar ba ta ce komai a kan ko miligiram 100 ya ishe shi ko bai ishe shi ba. Gwajin bai ma fara ba. Wannan shi ne bayanin da ya kamata a yi wa iyali ranar da aka miƙa musu takardar magani, da baki, a gaban wanda ke yanke hukunci a gidan: cewa zai iya faɗuwa cikin makon farko ko na biyu, kuma hakan ba gazawar magani ba ce. Minti biyu wannan bayani ke ci, kuma rashinsa ne ya haifar da duk abin da ya biyo baya.

Akwai wani abu da ke ba mutane mamaki, har da wasu ma'aikata. Ninka ƙwaya ba ya rage kwanakin. Mai shan 200 zai tsaya a 32 a lita maimakon 16, amma shi ma sai ya yi kwana 4 kafin ya kai rabin 32, kwana 20 kafin ya daidaita. Gaskiya ne zai ƙetare 10 ko 15 da wuri, kuma wannan ne ke sa iyali su ga kamar ƙarin ya yi amfani. Sai dai ba a nan zai tsaya ba. Yawan ƙwaya shi ke zaɓar tsayin da za a kai, wa'adin rabi shi kaɗai ke zaɓar ranar isowa. Raba ƙwayar gida biyu, safe da dare, shi ma ba ya canza ranar, sai dai ya rage hawa da saukar da ke cikin yini, wadda dama ga wannan magani ƴar kaɗan ce.

Kowace ƙwayar da aka ƙara da nata kwana ashirin

Hanya mafi sauƙi ta gane abin da ya faru da telan ita ce a ɗauki kowane miligiram 100 da aka ƙara a matsayin sabon magani mai nasa lissafin. Kowannensu yana hawa zuwa 16 a lita, ta matakai iri ɗaya: 8 bayan kwana 4, 12 bayan kwana 8, 14 bayan kwana 12, 15 bayan kwana 16, 15.5 bayan kwana 20. Ta farko ta fara a ranar farko, ta biyu a kwana na 4, ta uku a kwana na 8. Sai a tara.

```
kwana    ta 1    ta 2    ta 3    jimla (mg/L)
  4       8       0       0       8
  8      12       8       0      20
 12      14      12       8      34
 16      15      14      12      41
 20      15.5    15      14      44.5
```

Layin kwana na 8 ya cancanci a tsaya a kansa. A ranar da aka ƙara ƙwaya ta uku, jininsa ya riga ya kai 20, kuma da an bar shi a kan biyu da zai ci gaba da hawa shi kaɗai zuwa 32. Faɗuwar kwana na 7 tana da sanadinta a fili, rashin barci, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da farfaɗiya ko ga mai magani a jiki. An ɗora ƙwaya ta uku a kan biyu da ba su gama hawa ba. Daga ranar babu wanda ya sake taɓa adadin, amma jinin ya tashi daga 20 zuwa 44.5, ya fi ninki biyu, kuma inda ya nufa shi ne 48. Gyangyaɗin kwana na 12 da tangaɗin kwana na 16 sun zo daidai inda lissafi ya ce za su zo.

A asibiti ba a fara da ɗora laifi a kan maganin ba, domin mai farfaɗiya da hankalinsa ya dushe yana iya zama da wani abu daban. An duba zafin jiki, ba zazzaɓi. Gwajin maleriya na ɗan yatsa bai nuna komai ba, sukarin jini daidai. Wuyansa bai sanƙare ba, babu rauni a kai daga faɗuwar baya, ƙarfin hannu da ƙafa ɗaya ne dama da hagu, idonsa bai yi ɗorawa ba. An tambaya ko yana shan wani abu mai sa barci, turamol ko diyazefam ko giya, domin waɗannan in suka haɗu da fenobarbital suna danne numfashi. Aka ce babu. Abin da aka samu shi ne barci mai nauyi amma yana farkawa in an kira shi, magana a jaye, rashin iya tafiya a kan layi, da rawar ƙwayar ido idan ya kalli gefe. Numfashinsa 14 a minti. Waɗannan alamu tare da jerin kwanakin ƙari sun isa a gane.

Tambaya guda da ba a tsallakewa a Maradi ita ce a ga kwalin da ido. Ƙwayoyin da ke zuwa ta farmasin Nijar yawanci masu miligiram 50 ne ko 100. Waɗanda ke shigowa daga Najeriya ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa sukan zama masu 30 ko 60. "Ƙwaya uku" na iya nufin 90, na iya nufin 300. A wannan lamari kwalin ya nuna 100.

Saukowa ma haka take

Mahaifiyarsa ta ce a daina ba shi gaba ɗaya. Likita ya ce mata: "Inna, in muka yanke shi kwata-kwata, kwana biyu uku za ki ga ya warware ki yi murna. Bayan mako guda kuma sai faɗuwar ta dawo, ta fi ta da muni." Lissafin ya goyi bayansa. In aka tsayar a 44.5, bayan kwana 4 saura 22, bayan kwana 8 saura 11, bayan kwana 12 ƙasa da 6. Ƙwaƙwalwar da ta saba da fenobarbital in aka janye mata shi haka, tana iya shiga jijjiga a jere wadda ba ta tsayawa, kuma wannan tana kisa. Haɗarin ba a daren farko yake zuwa ba, yana zuwa ne lokacin da kowa ya saki jiki.

Abin da aka yi shi ne an kwantar da shi ana lura da numfashinsa da farkawarsa, aka tsallake kwana biyu ba magani. Kwana biyu rabin wa'adi ne, yana rage kusan kashi 30 cikin 100, don haka ya sauko wajen 31 ko 32. Daga nan aka mayar da shi kan miligiram 100 a dare. Sabon wurin tsayawarsa 16 ne, kuma tazarar da ke tsakani tana rabewa duk kwana 4 kamar yadda ta yi a hawa: kusan 24 bayan kwana 4, 20 bayan kwana 8, 18 bayan kwana 12. An gaya wa iyalin tun farko cewa nauyin jikin ba zai washe dare ɗaya ba, don kada su ga yana barci washegari su ce ragin bai yi aiki ba su jefar da sauran. An kuma gaya musu abu mafi wuyar karɓa: makonni biyun farko bayan sallama yana tafiya ne da guzurin tsohon magani a jikinsa, don haka rashin faɗuwa a lokacin bai tabbatar da cewa 100 ta isa ba. Ranar da za a iya yanke wannan hukunci ita ce bayan mako uku, kuma ita aka rubuta a katinsa. Wannan tsallake kwanaki hukuncin likita ne a kan majinyacin da ke gabansa, ba abin da za a kwaikwaya a gida ba.

Inda ake iya auna fenobarbital a jini, ƙa'idar ɗaya ce. Awon da aka yi kwana 5 bayan canjin adadi yana nuna tsakiyar hanya, kuma wanda ya karanta shi a matsayin sakamakon ƙarshe zai ƙara magani ba bisa ƙa'ida ba. Ana ɗibar jinin bayan mako uku, kafin shan ƙwaya ta gaba. Idan ana zargin yawan magani kuwa, a auna nan take, ba a jira.

In ba za a iya jiran mako uku ba

Akwai hanyar tsallake jiran, ita ce a zuba wa jiki a tashi ɗaya abin da zai tara cikin kwana 20. Don a kai 16 a lita cikin lita 36 ana bukatar kusan miligiram 580, wato wajen 10 a kowane kilo. Ga wanda ke cikin jijjiga marar tsayawa, ana ba da 15 zuwa 20 a kowane kilo ta jijiya a hankali, wanda ga mai kilo 60 ya kama 900 zuwa 1200, ya kai jini wajen 25 zuwa 33 nan take. Ana yin haka ne kawai inda akwai iskar oksijin da kayan taimakon numfashi a kusa, domin numfashi na iya tsayawa, hawan jini na iya faɗuwa. Bayan wannan babban kaso, ƙwayar kullum ce ke riƙe matakin, kuma ita ce ke zaɓar inda za a ƙare: wanda aka loda wa zuwa 30 aka bar shi a kan 100 a dare zai zame zuwa 16 cikin mako uku.

Ga wanda ke faɗuwa sau ɗaya ko biyu a wata yana tafiya da ƙafarsa, hawa a hankali ya fi. Jiki yana sabawa da barcin da maganin ke sawa yayin da yake taruwa, kuma mutumin da aka kwantar da shi kwana uku da babban kaso da wuya ya yarda ya ci gaba da sha.

Dogon wa'adin yana da alherinsa. Mai daidaito da ya manta dare ɗaya ya sauka ne daga kusan 15 zuwa 12 da ɗoriya, ba zuwa sifili ba. Ana sha sau ɗaya a dare, don haka azumi ba ya taɓa tsarin. Amma wannan alherin yana koyar da mugun darasi. Wanda maganinsa ya ƙare a ƙauyen Dakoro ko Mayahi, ya yi kwana uku lafiya lau kafin ya samu mota, yakan ɗauka ya warke ko kuma ƙwayar ba dole ba ce kullum. Gaskiyar ita ce a kwana na 4 rabi ya rage masa, a na 8 rubu'i. In ya dawo sha bayan kwana goma, sabon hawa ne na mako uku kusan daga tushe. Saboda haka ranar karɓar sabon magani ya kamata ta riga ranar ƙarewar tsohon da mako guda.

Inda kwana huɗun ke canzawa

Kwana 4 matsakaici ne. Yara bayan sun wuce jarirantaka suna fitar da fenobarbital da sauri fiye da manya, shi ya sa kasonsu a kowane kilo ya fi yawa kuma suna daidaita da wuri. Sabbin jarirai, tsofaffi, da masu ciwon hanta ko ƙoda suna fitar da shi a hankali. A ce wa'adin wani mai taurin hanta ya zama kwana 8. Abu biyu ne ke faruwa tare: miligiram 100 ɗin nan zai kai shi 32 maimakon 16, kuma zai ɗauki kwana 40 kafin ya isa. Irin wannan majinyaci yana iya zama lafiya a ziyarar mako uku, ya zo da tangaɗi a mako na shida. Haka ma in aka ƙara wa mai fenobarbital depakin, wani maganin farfaɗiya wanda ke rage saurin da hanta ke sarrafa fenobarbital: ba a taɓa ƙwayar fenobarbital ba, amma matakinsa zai fara sabon hawa na makonni, kuma barcin da ya biyo baya akan ɗora shi a kan sabon maganin bisa kuskure.

Ƙa'idar biyar tana aiki ga duk maganin da jiki ke fitarwa kaso-kaso. Amlodifin na hawan jini yana da wa'adin awa 30 zuwa 50, don haka sai bayan kusan mako guda yake daidaita, kuma awon hawan jini a kwana na 2 ba dalilin ƙari ba ne. Amma cikin magungunan farfaɗiya akwai biyu da ke karya ta. Fenitoyin yana cika ƙarfin hanta: in an kai wani mataki, hanta ba ta iya ƙara saurin fitarwa, sai ƙaramin ƙari ya haifar da babban tashi, kuma lokacin daidaitawa ya yi ta tsawo yayin da matakin ke hawa. Jadawalin tarawa da aka yi a sama haɗari ne a yi amfani da shi ga fenitoyin. Karbamazefin kuma akasin haka yake yi, yana sa hanta ta ƙara saurin fitar da shi kansa, sai wa'adinsa ya gajarce cikin makonni uku zuwa huɗu na farko, matakin da aka gani a makon farko ya ragu ba tare da an rage ƙwaya ba.

Jiran mako uku hukunci ne a kan canza adadi, bai hana kawo majinyaci ba. Jijjigar da ta wuce minti 5, ko faɗuwa a jere ba farfaɗowa a tsakani, ko ƙuraje da zazzaɓi da gyambon baki ko ido cikin makonnin farko, ko barcin da ba a iya tayar da mutum daga shi, ko numfashi mai ja baya, duk waɗannan na asibiti ne a wannan sa'ar.

Telan ya dawo ranar da aka rubuta masa, tafiyarsa da maganarsa sun koma daidai. Bayan wata biyu a kan miligiram 100 ya faɗi sau ɗaya. An ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kwali, sun yi daidai da kwanaki. Ya yi barci a daren, ba zazzaɓi, ba sabon magani. Wannan faɗuwar ce ta farko da ta faru a kan daidaito, don haka ita ce ta farko da za a iya cewa adadin ya gaza. Likita ya ƙara rabin abin da yayan ya taɓa ƙarawa, miligiram 50, ya zama 150 a dare, wanda bisa lissafin zai tashi daga 16 zuwa 20 cikin kwana 4, ya tsaya wajen 24. Aka rubuta adadin a katin da miligiram, ba da yawan ƙwaya ba, aka sa ranar dawowa bayan kwana 21, aka kuma karanta wa yayan da mahaifiyar ranar da baki.